Samfur, Karkata da Sababi: Yadda Ake Auna Gaskiyar Alƙaluman Bincike

Samfur shi ne ɗan abin da ake ɗiba daga cikin abu mai yawa domin a san halin saura. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu ɗari ya duba kowace ƙwaya. Yakan soka ƙarfe mai kwarmi a jikin buhu, ya zuba abin da ya fito a tafin hannu, ya duba ko akwai tsakuwa ko ƙwari ko danshi, sannan ya yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Idan gwani ne ba zai tsaya a bakin buhu ba, domin ya san mai kaya yana iya ɗora mai kyau a sama. Zai soki tsakiya da gindi, kuma shi da kansa zai nuna buhunan da za a soka, ba mai kaya ba. Duk ilimin ɗibar samfur da ake koyarwa a darasin dabarun bincike yana cikin wannan ɗabi'a: abin da aka ɗiba ya yi kama da abin da aka bari, kuma mai wata buƙata a cikin sakamakon kada ya zama shi ne mai zaɓa.

Masu bincike suna bambanta abubuwa uku a nan. Akwai jama'ar da ake son sanin halinta, misali dukkan masu jefa ƙuri'a a ƙasa. Akwai jerin sunayen da ke hannun mai bincike, wanda daga cikinsa zai yi zaɓe. Sai kuma mutanen da a ƙarshe suka ba da amsa. Tsakanin na farko da na biyu akan rasa mutane, tsakanin na biyu da na uku ma akan rasa wasu. Idan waɗanda aka rasa sun bambanta da waɗanda aka samu a kan ainihin abin da ake tambaya, sakamakon zai kauce zuwa ɓangare guda. Wannan kaucewa ita ake kira karkata. Ba lallai ba ne a sami mugun nufi a cikinta. Mai bincike mai gaskiya yana iya samun karkataccen sakamako idan hanyar da ya bi ta tace masa mutane bai sani ba.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar abin da ya sami mujallar Literary Digest a Amurka a shekarar 1936. Mujallar ta yi suna wajen hasashen zaɓen shugaban ƙasa, kuma ta faɗi daidai a zaɓukan 1920, 1924, 1928 da 1932. A 1936 takara ta kasance tsakanin shugaba mai ci, Franklin Roosevelt, da gwamnan jihar Kansas, Alf Landon. Mujallar ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10 ta gidan waya, aka dawo mata da kusan miliyan 2.4. Daga waɗannan amsoshi ta bayyana cewa Landon zai sami kusan kashi 57 cikin 100 ya lashe zaɓe. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya sami kusan kashi 61 cikin 100, ya cinye jihohi 46 cikin 48. Landon bai tsira da komai ba sai Maine da Vermont. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta daina fitowa.

Kuskuren ya shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce jerin sunayen. Mujallar ta samo mafi yawan adireshin daga littattafan lambobin tarho, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayen mujallar. A lokacin Amurka tana cikin matsanancin karayar tattalin arziki, tarho da mota kayan masu hali ne, kuma masu hali sun fi talakawa ƙin manufofin Roosevelt. A zaɓukan baya wannan bai yi illa sosai ba, saboda ra'ayin mai kuɗi da na talaka bai rabu ƙwarai ba. A 1936 ya rabu, sai hanyar da ta yi aiki sau huɗu ta gaza a na biyar. Ƙofa ta biyu ita ce rashin amsa. Cikin kowane mutum huɗu da aka aika wa takarda, uku ba su mayar ba. Wanda ke fushi da gwamnati ya fi wanda ya gamsu da ita zafin cika takarda ya kai gidan waya. Masanin siyasa Peverill Squire ya sake nazarin lamarin a 1988, ya nuna cewa ƙofofin biyu duk sun taka rawa, kuma da dukkan waɗanda aka aika wa takarda sun amsa, da aƙalla mujallar ta faɗi sunan wanda zai ci daidai.

A wannan shekarar George Gallup, da samfur na mutum kusan 50,000, ya yi hasashen cewa Roosevelt ne zai ci. Samfurinsa bai kai kashi 3 cikin 100 na amsoshin da mujallar ta tara ba, amma ya yi ƙoƙarin haɗa masu kuɗi da talakawa, birni da ƙauye, gwargwadon yawansu a ƙasa. Darasin da ke nan ya saɓa wa abin da zuciya ke saurin karɓa. Yawan samfur ba ya gyara karkata. Wanda ya ɗebi mudu hamsin daga bakin buhuna bai fi wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga baki sanin abin da ke gindi ba, sai dai ya fi shi tabbaci a kan kuskurensa.

Abin da yawan samfur ke ragewa wani kuskure ne daban, wato kuskuren dace. Ko an yi zaɓe bisa adalci, samfur biyu daga jama'a ɗaya ba za su ba da amsa iri ɗaya tsaf ba. Wannan kuskure yana da ma'auni. A samfur na mutum 100 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, sakamakon yana iya kaucewa da kusan maki 10 sama ko ƙasa. A mutum 400 tazarar ta koma kusan maki 5, a mutum 1,000 kusan maki 3, a mutum 2,500 kusan maki 2. Ke nan sai an ninka samfur sau huɗu kafin tazarar ta ragu da rabi. Abin mamaki kuma shi ne girman ƙasar bai cika shiga lissafin ba: mutum 1,000 da aka zaɓa da kyau suna ba da kusan tazara ɗaya ko daga gari mai mutum dubu ɗari biyar aka ɗebo su ko daga ƙasa mai miliyan 200. Idan rahoto ya ce ɗan takara yana da kashi 52 abokin karawarsa yana da 48, tazarar kuskure kuma maki 3 ce, binciken bai nuna wanda ke gaba ba. Sai dai tazarar da ake bugawa a ƙasan rahoto tana auna kuskuren dace ne kaɗai. Ba ta cewa komai a kan waɗanda ba sa cikin jeri ko waɗanda suka ƙi amsawa. Da an lissafa wa Literary Digest irin wannan tazara, da ba ta kai maki ɗaya ba, alhali ta kauce da kusan maki 18.

Maganin karkata shi ne zaɓe ta hanyar ƙuri'a, inda kowane mutum a cikin jama'ar ke da damar shiga wadda aka san girmanta, kuma ba mai tambaya ba ne ke zaɓar wanda ya ga dama. A ƙasar da babu cikakken jerin sunayen mutane, ana yin haka ne mataki mataki. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya bi wannan hanya. An kasa ƙasar jiha jiha, kowace jiha birni da ƙauye. An zaɓi ƙananan yankuna 1,400 ta hanyar ƙuri'a. Ma'aikata suka shiga kowane yanki suka rubuta gidajen da ke cikinsa, sannan aka zaɓi gida 30 daga kowane jeri, jimla kusan gida 42,000. Idan ma'aikaciya ta je gidan da aka zaɓa ta tarar ba kowa, ba ta da izinin shiga gidan maƙwabta a madadinsa, sai dai ta sake dawowa. Wannan doka tana da tsada da gajiyarwa, amma idan aka sake ta, samfurin zai cika da mutanen da ke zaune a gida da rana, a rasa waɗanda suka tafi gona ko kasuwa.

Da wannan ma'auni ake gane raunin wasu alƙaluman da ke yawo. Shirin rediyo da ya ce masu sauraro su bugo waya su faɗi ra'ayinsu yana jin muryar masu kati a waya da masu zafin rai a kan batun ne kawai. Ɗalibin da ya raba takardun tambaya ga abokan ajinsa ya san halin ajinsa, bai san halin matasan jiha ba. Alƙaluman asibiti suna bayyana halin waɗanda suka iya kaiwa asibiti, kuma idan masu tsananin ciwo ne suka fi zuwa, cutar za ta bayyana da muni fiye da yadda take a gari. Hatta tsarin tambaya yana karkatar da amsa. Wanda aka tambaya a gaban mai unguwa ko ya kai yaransa rigakafi yana iya faɗin abin da ya san ana son ji.

Ko samfur ya yi kyau, akwai tarko na biyu a gaba, wato fassarar abin da aka gani. Ana cewa abubuwa biyu suna tafiya tare idan ƙaruwar ɗaya tana zuwa da ƙaruwar ɗayan ko raguwarsa. Tafiya tare abu ne da ake iya aunawa daga alƙaluma kai tsaye. Cewa ɗaya ne sababin ɗayan magana ce ta daban, kuma alƙaluman su kaɗai ba sa tabbatar da ita. A ƙasashen Sahel cinikin ƙanƙara da ruwan sanyi yana tashi a watannin Maris da Afrilu, cutar sanƙarau ma a lokacin take ƙamari. Ruwan sanyi ba ya kawo sanƙarau. Zafi da bushewar iska da ƙura ne ke bayan su biyun. Irin wannan abu na uku, wanda ke jan abubuwa biyu tare har a zaci ɗaya ne ya haifi ɗayan, shi ne babban abin da mai bincike ke farauta. Wani lokaci kuma sababin yana nan amma an juya shi. Mutane sun fi mutuwa a gadon asibiti fiye da a kasuwa, domin ciwon ne ya kai su asibitin. Akwai kuma dace tsantsa: wanda ya gwada abubuwa ɗari da juna zai sami wasu suna tafiya tare ba tare da wani dalili ba.

Misalin ƙanƙara yana da sauƙi saboda kowa ya ga zafin rana. Wahalar tana zuwa ne idan abu na ukun ya ɓuya, har ƙwararru su kasa ganinsa. Haka ta faru da maganin sinadaran jiki da ake ba mata bayan daina al'ada. A 1976 aka fara wani babban bincike a Amurka da ya bi lafiyar ma'aikatan jinya mata sama da 120,000 shekara da shekaru. Rahoton da ya fito daga cikinsa a 1991 ya nuna cewa matan da ke shan maganin sun fi sauran ƙarancin ciwon zuciya da kusan rabi. Wasu bincike masu kama da shi sun ga haka. Akwai kuma bayani mai gamsarwa daga ilimin jiki, domin maganin yana gyara ma'aunin kitse a cikin jini. Likitoci da yawa suka riƙa rubuta shi da fatan kare zuciya.

Matsalar ita ce ba ƙuri'a ce ta raba matan ba. Su da likitocinsu ne suka zaɓa. Matan da ke shan maganin galibi sun fi sauran kuɗi da ilimi, sun fi ƙarancin ƙiba, sun fi zuwa duba lafiya, kuma likita ya fi sakin jiki ya rubuta wa mai ƙoshin lafiya. Mai shan magani kullum ba fashi ma yawanci mai kula da kanta ce ta wasu fuskokin. Masu binciken sun san da haka, sun yi ƙoƙarin cire tasirin shekaru da shan taba da ƙiba da hawan jini ta hanyar lissafi. Amma lissafi yana cire abin da aka auna ne kawai. Abin da ba a auna ba yana nan a cikin sakamakon.

Hanyar da ke warware wannan ita ce gwaji mai rabon ƙuri'a. Ana tara mutanen da suka yarda, ƙuri'a ta raba su gida biyu, a ba rukuni ɗaya magani, a ba ɗayan ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, kuma ba mai sha ba ba likitanta ba, babu wanda ya san wanne aka ba ta. Ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san mai motsa jiki ba, saboda haka idan mutanen suna da yawa rukunan biyu za su yi kama da juna a kan abin da aka sani da abin da ba a ma yi tunaninsa ba. Bambancin da ya rage shi ne maganin. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta yi irin wannan gwaji da mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da shi kafin wa'adinsa, bayan an bi matan kusan shekara biyar. A cikin kowace mata 10,000 a shekara, masu shan maganin sun sami ciwon zuciya 37, masu shan ƙwayar banza 30. Shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama ma sun ɗan ƙaru, ko da yake karayar ƙashin ƙugu ta ragu. Kariyar zuciyar da aka daɗe ana gani ba ta bayyana ba.

Wannan gwaji ma yana da iyakarsa, kuma iyakar ta samfur ce. Matsakaicin shekarun matan da suka shiga 63 ne, yawancinsu sun daɗe da daina al'ada, alhali ma'aikatan jinyar galibi sun fara shan maganin ne tun farkon dainawar. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa haɗarin ya fi ƙanƙanta ga waɗanda suka fara da wuri. Rabon ƙuri'a yana tabbatar da sababi a cikin mutanen da aka gwada. Ko sakamakon ya shafi wasu mutane daban, wannan ya danganta da yadda waɗanda aka gwada suka yi kama da su. Ƙuri'ar zaɓen samfur da ƙuri'ar rabon rukuni aiki biyu ne, kuma ɗalibai sukan haɗa su wuri ɗaya bisa kuskure.

Ba kowace tambaya ce ke karɓar gwaji ba. Babu wanda zai raba matasa da ƙuri'a ya umarci rabinsu su sha taba shekara talatin. Duk da haka an tabbatar cewa taba tana kawo sankarar huhu, kuma yadda aka yi ya nuna cewa tafiya tare tana iya zama hujja idan aka tara mata shaidu. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka kwatanta marasa lafiya a asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, biyu ne kawai ba sa shan taba. Cikin maza 649 masu wasu cututtukan, 27 ne ba sa sha. An yi musu suka, cikin masu sukar har da babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ya ce wataƙila wani abu ne na gado ke sa mutum son taba kuma yake sa shi kamuwa da sankara. Sukar ta dace da ƙa'ida, domin abu na uku yake nunawa, kuma sai an amsa ta da hujja.

A 1951 Doll da Hill suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya a kan shan tabarsu, kusan 40,000 suka amsa, sannan aka zauna ana bin abin da zai same su. An rubuta ɗabi'ar kowa tun yana lafiya, saboda haka ba za a ce ciwon ne ya sa shi shan taba ko ya gurɓata masa tuni ba. Shaidun suka taru ta fuskoki da dama. Bambancin yana da girma ƙwarai, masu sha da yawa sun ninka marasa sha haɗari fiye da sau goma, kuma abu na uku da zai iya haifar da irin wannan tazara sai ya kasance mai ƙarfin da ba zai ɓuya ba. Haɗarin yana hawa da yawan karan da ake sha a rana. Waɗanda suka daina, haɗarinsu ya yi ƙasa da na waɗanda suka ci gaba, abin da bayanin gado ke wahalar fassarawa. Bincike a wasu ƙasashe, da wasu hanyoyi, ya ba da amsa ɗaya, kuma an sami sinadarai masu haddasa sankara a cikin hayaƙin. A 1965 Hill ya tsara irin waɗannan alamu guda tara a wata lacca, ya kuma yi gargaɗi cewa ba sharuɗɗa ba ne da za a yi ta ƙirgawa, hanyoyi ne na tambayar ko akwai wani bayani da ya fi sababi dacewa da abin da aka gani.

Likitocin Birtaniya ba samfur ba ne na jama'ar Birtaniya, balle na duniya. Sun fi matsakaicin mutum ilimi da kuɗi, kuma waɗanda aka fi bi maza ne. Da tambayar ita ce mutum nawa ke shan taba a ƙasar, da wannan samfur bai da amfani. Amma tambayar ita ce abin da taba ke yi wa jiki, kuma a nan kamannin likitocin da juna ya zama ƙarfi, domin mai sha da marar sha sun yi tarayya a sana'a da matsayi da samun kulawa. An bi maza 34,439 daga cikinsu har shekara hamsin, zuwa 2001, kuma rahoton ƙarshe da ya fito a 2004 ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da shan taba sun mutu kusan shekara goma kafin takwarorinsu da ba su taɓa sha ba.